Kafin a Sauya wa Tambari Launi

Wata Hajiya mai makarantar firamare ta shigo shagon da nake aikin zane da buga takardu, wayarta a hannu. Makarantar ta sauya kayan ɗalibai daga shuɗi zuwa kore, saboda haka tana so tambarin makarantar ya bi sahu. Tambarin da'ira ce shuɗiya mai bakin rawaya, da buɗaɗɗen littafi fari a tsakiya, da alƙalami a kwance a kansa. Sunan makarantar ya zagaye da'irar, taken kuma yana ƙasa a kan wani ɗan ƙyalle. Ta turo mini shi ta WhatsApp tana tsaye a kaina.

"Malam, ai ba wani aiki ba ne. Inda duk ka ga shuɗi ka mai da shi kore, shi ke nan."

Na ce, "Hajiya, a ina za a yi amfani da shi?"

Ta lissafo mini: kan takardun ofis, allon bakin ƙofa, jikin motar ɗalibai, da gaban rigunan wasanni. Daga nan na san aikin ya wuce na minti biyar. Tana da gaskiya cewa sauya launin tambari abu ne mai sauƙi, amma sauƙin ya danganta da irin fayil ɗin da ke hannunka, kuma wanda ta kawo ba irin mai sauƙin ba ne.

Kwamfuta tana da hanya biyu ta ajiye zane. Ta farko ita ake kira rasta. Ka tuna littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare. A ce an ba yaro fensirin kala ya cike kowane gida da launi ɗaya, idan ka ja baya ka hango shafin sai ka ga hoto ya fito. Kowane ɗan gidan nan shi ne fiksel. Duk hoton da kyamarar waya ta ɗauka haka yake, haka ma duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da JPG ko PNG. Fayil irin wannan bai san akwai da'ira ko littafi a cikinsa ba. Abin da ya sani kawai shi ne gida na farko fari ne, na biyu fari, na ɗari da goma shuɗi, har zuwa na ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce bekta, kuma ta fi kama da bayanin da ake ba magini: kafa turke a nan, ja igiya mai tsawo kaza, zagaya da ita, abin da ke ciki a shafe shi da shuɗi. Umarni ake ajiyewa, kwamfuta kuma ta sake zana abin sabo fil duk lokacin da aka buɗe shi, a kowane girma aka nema. Lanƙwasar layukan tana bin wani lissafi da ke ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Fayilolin SVG, AI, EPS da CDR na wannan gidan ne. Ga yadda da'irar tambarin Hajiya za ta kasance a cikin fayil na SVG:

```
<circle cx="300" cy="300" r="280"
        fill="#1E4FA3" stroke="#FFC800" stroke-width="20"/>
```

Ko wanda bai san kwamfuta ba zai iya bin wannan: tsakiyar da'irar a nan take, faɗinta kaza ne, cikinta launi mai lamba `#1E4FA3`, wato shuɗin, bakinta kuma rawaya. Idan kana son kore, sai ka goge lambar shuɗin ka rubuta `#0B7A3B`. An gama. Da'irar duka ta koma kore, ba tare da ko ɗigon tsohon launi ya rage ba, domin a wuri ɗaya tak aka rubuta launin tun asali.

Fayil ɗin Hajiya kuwa JPG ne mai fiksel 600 a tsaye, 600 a kwance, gidaje 360,000 ke nan. Mutum zai ce to mene ne a ciki, ai sai a ce wa kwamfuta ta nemo duk gidajen da ke shuɗi ta mai da su kore. Na gwada hakan a gabanta, don ta gani da idonta. A Photoshop akwai wani abin zaɓe da ake kira Magic Wand, ka taɓa launi da shi ya tattaro maka duk makamantansa da ke kusa. Na taɓa shuɗin, na zuba kore. Daga nesa abin ya yi kyau, har Hajiya ta fara cewa, "Ka gani ko?" Sai na ƙara girman hoton a kan allon. Kowane harafi na sunan makarantar yana da siririn zobe mai shuɗi-shuɗi a jikinsa, haka gefen littafin, haka alƙalamin. Tsohon launin ya maƙale a duk inda launi biyu suka haɗu, kamar bakin kwanon da ba a wanke da kyau ba.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Gidajen fiksel murabba'i ne, da'ira kuwa lanƙwasa gare ta. Idan aka ce kowane gida ko dai shuɗi ko fari, bakin da'irar zai fito kamar matakalar bene. Domin a yaudari ido, sai manhaja ta cike gidajen da ke kan iyaka da launin tsaka-tsaki. Gidan da rabinsa ya faɗa cikin shuɗi rabi cikin fari ana ba shi shuɗi mai haske. A lambobin kwamfuta, shuɗin tambarin nan ja 30 ne, kore 79, shuɗi 163, fari kuma 255 a duka ukun. Gidan da ke tsakaninsu sai ya zama wajen 142, 167, 209. Na kusa da shi ya fi shi duhu kaɗan, na wancan gefen ya fi shi haske. Inda shuɗin ya haɗu da rawaya kuma wani launi daban ake samu, mai kama da ruwan toka da ɗan kore-kore, wanda ba shuɗi ba ne, ba kuma rawaya ba. Waɗannan gidajen su ne Magic Wand ya tsallake, domin a wurinsa ba su kai shuɗi ba.

Akwai wani ma'auni a jikinsa mai suna Tolerance, wanda ke zuwa a kan 32. Idan ka ɗaga shi, zai ƙara kamo gidajen kan iyaka. Na ɗaga zuwa 80. Zoben ya ragu, amma koren ya ci gefen haruffa, suka sirance, bakinsu ya koma kamar haƙoran zarto, domin an shafe launin tsaka-tsakin da ke sa su santsi. Ko ka bar ƙazanta ko ka ci jikin zanen. Babu lambar da za ta raba ka da duka biyun.

JPG kuma yana da nasa laifin a kan wannan. An tsara shi ne a 1992 domin hotunan kyamara, inda launuka ke narkewa cikin juna a hankali. Yana rage nauyin fayil ta hanyar yanka hoton gida takwas-takwas a tsaye da kwance, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura da su ba, musamman na launi. A hoton fuska ko na daji ba a cika gane ɓarnar ba. A tambari kuwa, inda fari ke tsayawa cak shuɗi ya fara, sai ya bar wata ƙura-ƙura a kewayen haruffa. Idan aka gyara hoton aka sake ajiye shi a JPG, ƙurar ta ƙaru. WhatsApp ma yana matse hoton da aka tura a matsayin hoto. Tambarin Hajiya ya bi ta wayoyi da yawa kafin ya iso gare ni, saboda haka abin da ido ke gani shuɗi ɗaya ya riga ya tarwatse ya zama shuɗi iri-iri masu ɗimbin yawa.

A ce ma na yi haƙuri na bi gefen nan da hannu na share zoben, da sauran matsalar girma. Masu buga takarda suna son fiksel 300 a kowane inci idan abu ne da za a riƙe a hannu a karanta. Raba 600 da 300, inci biyu ke nan, kimanin santimita biyar. Wannan ya isa saman takardar ofis. Allon bakin ƙofa kuwa tambari mai faɗin ƙafa huɗu ake so, wato inci 48. Fiksel 600 a kan inci 48 ya ba ka kimanin 12 da rabi a kowane inci, kowane gida ya kumbura ya kai kusan milimita biyu. Gaskiya ne allon da ake hange daga tsallaken titi ba ya buƙatar 300, ido yana yafe masa da yawa. Amma wannan allo ne da iyaye za su tsaya a gindinsa kullum suna jiran 'ya'yansu, kuma taken makarantar, wanda tsayin haruffansa bai wuce fiksel goma sha huɗu ba a cikin fayil ɗin, zai fito kamar rubutun da ruwan sama ya daka.

Sauran ayyukan biyu ma ba batun kyau ba ne, batun na'ura ne. Injin da ke yanka sitikar jikin mota wuƙa ce ƙarama da ke bin layi, saboda haka layi take nema, kuma a rasta babu layin da za ta bi. Mai buga riga da allon siliki shi kuma yana ware kowane launi a kan nasa allon, kore daban, rawaya daban, fari daban. Launukan tsaka-tsakin nan ba su da allon da za su hau.

Duk da haka ban fara zane nan take ba, kuma ina ba kowa shawarar kada ya fara. Tambarin nan wani ne ya zana shi da farko, kuma a shagunan buga takardu na ƙasar nan yawanci da CorelDRAW ake irin wannan aiki. Mai yiwuwa ainihin fayil ɗin CDR yana kwance a kwamfutar wani, ko a cikin PDF na tsohuwar kalanda ko takardar shaidar kammala karatu. Kiran waya ɗaya kan rage maka aikin awa uku. Hajiya ta kira wanda ya buga musu kalandar bara, ya turo wani fayil na CDR, ta yi murna. Na buɗe shi, na shiga View na zaɓi Wireframe, wanda ke cire launuka ya nuna ƙashin zanen. Da bekta ne da na ga siraran layukan da'ira da na haruffa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani akwati ne guda mai kusurwa huɗu da hoto dishi-dishi a ciki. Tsohon JPG ɗin ne aka jefa cikin CorelDRAW aka ajiye. Wannan kuskure ya yaɗu ƙwarai: mutane suna zaton sunan fayil ne ke mai da shi bekta. CDR da PDF da SVG duk jaka ce, tana iya ɗaukar layi, tana iya ɗaukar hoto. Wanda ba shi da CorelDRAW yana iya gwadawa ta hanyar ƙara girman PDF ɗin har iyakar abin da wayarsa ko kwamfutarsa za ta iya. Idan bakin haruffa ya zauna da kaifinsa, bekta ne. Idan ya fara hazo ko gidaje suka bayyana, rasta ne, ko da wane suna aka sa masa.

Sai batun gajeriyar hanya. Kowace babbar manhajar zane tana da maɓallin da ke bin sawun hoto ya fitar da layuka da kansa: PowerTRACE a CorelDRAW, Image Trace a Illustrator, Trace Bitmap a Inkscape, wadda kyauta ce. Ba na raina su. Ka ba su babban zane baƙi a kan fari mai tsabta, za su yi maka aikin da ba ka da abin cewa. Amma abin da suka gani suke bi, kuma ba su san bambancin zane da ƙura ba. Da na gwada a kan tambarin Hajiya, da'irar da ƙulli huɗu suka ishe ta ta fito da ƙulle-ƙulle barkatai, bakinta yana tangaɗi. Zoben tsaka-tsakin nan ya zama wasu siraran yankuna masu zaman kansu, ga su nan birjik, kowanne da nasa shuɗin. Haruffan taken kuwa sun zama kamar curin ƙullu. Fayil ɗin ya zama bekta, babu ƙarya, amma sauya masa launi ya koma bin yankuna ɗaya-ɗaya, wahalar da aka gudo ita aka tarar.

Saboda haka da hannu na zana. Na ajiye tsohon hoton a ƙasa na kulle shi don kada ya motsa, na rage masa duhu, na riƙa ɗora sabon zane a kansa. Da'irar ban bi ta da alƙalamin zane ba, na ɗauko abin zana da'ira na ja ta daidai, domin wanda ya zana ta da farko ma haka ya yi. Littafin gefe ɗaya na zana, na kwafe shi na juya, ɓangarorin biyu suka zo daidai wa daida. Wannan duk bai kai rabin awa ba.

Rubutun ne ya ci lokaci. Ba a bin harafi da hannu muddin ana iya gano salon rubutun da aka yi amfani da shi. Sake buga kalmomin ake yi da madannai, sannan a daidaita girma da tazara har su hau kan tsofaffin. Sunan makarantar bai ba ni wuya ba, salon sananne ne. Taken kuwa da Hausa yake, kuma akwai ƙ a ciki. Salon rubutun ba shi da wannan harafi, kamar yadda da yawansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Da na duba tsohon hoton da kyau sai na ga mai zanen farko k ya rubuta, ya ɗora mata wata 'yar lanƙwasa da hannu. Ni ma hakan na yi, sai dai na tsaya na daidaita kaurin lanƙwasar da na jikin harafin. Bayan nan na mai da duk rubutun zane, abin da CorelDRAW ke kira Convert to Curves, ana yin sa da `Ctrl+Q`. Idan ba a yi haka ba, ranar da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan salon rubutu, za ta musanya shi da wani, tambarin ya sauya kama ba da sanin kowa ba. Na ajiye kwafi ɗaya da ba a mai da rubutunsa zane ba, saboda ranar da za a ce a gyara kalma.

Har zuwa nan ban taɓa kore ba. Da tsohon shuɗinsa da rawayarsa na zana tambarin, kuma da gangan na yi. Idan sabon zane da tsohon hoto launinsu ɗaya, kana kunna ɗaya kana kashe ɗaya za ka ga duk inda layi ya kauce. Mai tambarin ma ya fi iya cewa "wannan nawa ne" ko "a'a, alƙalamin ya fi haka tsawo" idan launi bai ɗauke masa hankali ba. Ka sauya siffa da launi a lokaci guda, in ya ce abin bai yi masa ba, kai da shi ba wanda zai san wanne ne bai yi ba. Hajiya ta dubi biyun gefe da gefe ta ce ƙyallen da ke ƙasa ya ɗan fi na da faɗi. Gaskiyarta ce, na gyara.

Sannan aka zo kan launi, wanda shi ne ya kawo ta. Yankuna uku ne masu shuɗi: cikin da'irar, alƙalamin, da ƙyallen. Na zaɓe su, na taɓa kore. Bai kai minti ɗaya ba. Har muka samu sarari muka gwada kore iri huɗu, muka ga mai hasken yana haɗiye bakin rawayan, muka tsaya a kan mai duhu.

A nan akwai abin da bekta ba ya magancewa, kuma gara a faɗe shi. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake rubutawa RGB. Injin buga takarda da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK, kuma akwai kore mai ƙyalli da allo ke nunawa wanda tawada ba ta iya kaiwa. Saboda haka na rubuta wa koren lambobi biyu, na allo da na tawada, na buga ɗan gwaji a takarda, muka fita waje muka kara shi da rigar ɗalibai a hasken rana. Sai da na ƙara masa duhu kaɗan kafin ya zo kusa da yadin.

Kada wannan labari ya sa a ɗauka kowane tambari sai an sake zana shi. Da Hajiya ta kawo PNG babba, a ce fiksel 3,000, mai launi ɗaya, wanda bayansa fayau yake babu fari, da ban zana komai ba in dai a takarda da waya zai tsaya. A irin wannan fayil santsin gefe ba a cikin launi yake ba. Gidajen kan iyaka launinsu ɗaya da na ciki, sai dai an rubuta cewa wannan rabinsa ake gani, wancan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka zuba sabon launi a kan duka ta Color Overlay, gefen ya zauna da santsinsa, babu zobe. Haka kuma idan abin da ake so ɗan ƙaramin hoto ne na sanarwar kwana ɗaya a WhatsApp, ɓata awa uku a kansa asara ce. Akwai kuma tambarin da ke ɗauke da ainihin hoto, kamar fuskar wanda ya kafa makaranta ko hoton gini. Wannan ɓangaren rasta ne, kuma rasta zai zauna. In aka tilasta shi ya zama bekta fuskar takan koma kamar taswira. Abin da ake yi shi ne a zana da'ira da rubutu, a nemo hoton mai kyau a saka a ciki.

Abin da ke sa in ce a sake zane, a wurina, tambaya uku ce nake yi wa fayil. Launin da za a sauya yana gogayya da wani launi ko da farin baya? Za a buga shi fiye da girman da fiksel ɗinsa za su ɗauka? Akwai wuƙa ko allon siliki a gabansa? In ɗaya ta zo da e, na fi son in zana. In kuma tambarin hukuma ne ko na wani kamfani da ba na mai kawo aikin ba, ba na sauya masa launi sai da izinin masu shi, domin da yawansu suna da ƙa'idar launin da ba a taɓawa.

Da yamma na haɗa wa Hajiya fayilolinta: CDR na asali, PDF da SVG na bekta domin masu allo da masu sitika, PNG babba mai fayau ɗin baya domin takardun ofis, da wani baƙi zalla saboda hatimi. Lambobin koren na rubuta su a takarda na haɗa mata. Na roƙe ta ta ajiye su a imel ɗin makaranta, kuma duk wanda za ta tura wa ta WhatsApp ta tura ta Document, kada ta tura a matsayin hoto.

Ta ce, "To Malam, wanne ne zan ba mai rigunan?"

Na ce, "PDF ɗin, Hajiya. In ya ce ba ya buɗuwa a wayarsa, ki ba shi lambata, kada ki ɗauki hoton allon ki tura masa."